Talatu Share-Titi da Jikar Tsakiya

A unguwar Limawa idan ka ce kana neman Talatu tela, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Share-Titi, ko yaron da bai gama yaye ba zai nuna maka ƙofar gidan, wadda ke kusa da injin markaɗe. Ita kanta ta daina faɗa a kan sunan tuntuni, tana amsawa kamar da shi aka yanka mata rago.

Ba a Dutse aka haife ta ba. Daga wani ƙauye ta wajen Kiyawa aka kawo ta aure, gidan wani mai gyaran babur, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, wanda hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Shi ya saya mata keken ɗinki na hannu daga wajen wata mata da za ta tashi, ta koya a gidan maƙwabta, kuma Allah ya ba ta hannu. Layin ɗinkinta miƙe yake tsaf kamar kunyar manomin da ya ƙoshi. Kafin a ce me, matan unguwa sun fara cika mata ɗaki da atamfa.

Sai aka zo bikin Rakiya.

Rakiya amarya ce a lokacin, tana cikin lalle, ba ta fita. Aka turo ƙanwarta da atamfar da za a sa ranar kai amarya, aka ce Talatu ta auna ƙanwar ta ƙara kaɗan. Talatu ta yi lissafinta na mai hankali: yaya ai yaya ce, ta girmi wannan da shekara uku, dole ta ɗara ta tsawo. Ta ƙara taƙi guda cur. Ashe Rakiya guntuwa ce, ƙanwar ce ta kwaso tsawon gidan gaba ɗaya. Ɗinkin bai iso ba sai ana shirin fita, babu lokacin gyara. Amarya ta fito hannun riga ya haɗiye yatsunta, siket yana jan ƙasa yana tattara bawon gyaɗa da ledar ruwa, a ƙofar gidan miji kuma ta take shi ta kife gaba ɗaya a gaban dangin ango. Ba ta ji ciwo ba, sunan Talatu ne ya karye.

Tun daga ranar ba wadda ta sake kawo mata sabon yadi. Faci, canjin zif, rage ƙugu, wandon makarantar da ya yage a gindi, su ne abincin kekenta shekara da shekaru. Matan unguwa suna zuwa hira, su sha ruwan randarta, su yaba kyan facinta, amma atamfarsu tana wucewa ta ƙofarta a cikin leda zuwa wani telan. Tana gani. Sai dai ta ƙara wa keke mai ta ci gaba da murzawa. Abin da take so bai wuce ɗaya ba, a sake damƙa mata sabon yadi a ce yanka.

Wata safiya sai ga Hajiya Kubura daga Yalwawa, da ƙunshi a hammata. Hajiya Kubura matar marigayi Malam Abdulƙahar ce, mai makarantar allo. Ta yi shekaru tana dafa wa masu karatu abinci, ita kuwa karatun nata bai wuce na salla ba. Bayan rasuwar Malam ta shiga Islamiyyar matan aure, tana zama a layi ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, tabarau a kan hanci. Yanzu ga shi ta kai ƙarshe, an sa ranar walimar saukarta.

Bayan gaisuwa ta sa aka saki labule, sannan ta kwance ƙunshin. Atamfa ce turmi biyu, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda ko kasuwar Kwari ta Kano ka je ba za ka ƙara samu ba. Ƙamshin adaka da turaren wuta ya cika ɗakin. Ta ce Malam ne ya saya da daɗewa, ya ce kada almakashi ya taɓa ta sai ranar da ta sauke. Ita kuma yanzu ta tsufa da wannan launi, don haka jikokinta mata biyar take so su sa, dogayen riguna iri ɗaya, su tsaya a gefenta.

Talatu ta goge hannu a zani kafin ta taɓa. Ta tambaya a hankali, duk telolin garin nan, me ya sa ita.

"Dalili biyu, 'yar nan," in ji Hajiya. "Facin da kika yi wa hijabina, har yau ina neman wurin ban gani ba. Na biyu kuma, ɗakinki ba mai leƙowa neman sabon ɗinki, asirina a rufe yake."

Talatu ta rasa ta yi godiya ne ko ta yi fushi, sai ta yi dariya.

Asirin kuwa shi ne surukan Hajiya. Idan suka ji atamfar Malam ta fito daga adaka, kowacce za ta zo da nata salon, wata ta ce a yi riga da siket, wata ta ce a raba kowa ya kai wa telansa, ƙarshenta a tashi da guntaye. Don haka ba za a ce su aiko da tsofaffin riguna a gwada ba. Yaran kuma a warwatse suke: Munira da Sa'adiyya a Hadejia, Zaituna a Garki, Hassana a Birnin Kudu, Afra'u a Gwaram. Ba za su haɗu ba sai jajibirin walima. Talatu ta kawo shawara a tura wani ya zaga ya auna su a ɓoye, ko da kara ne. Hajiya ta yi salati ta ce gawa ake aunawa da kara, ba jikokinta ba, kada ta sake ji.

Abin da zai yiwu ɗaya ne. Idirisu, autan Hajiya, direba ne, ranar nan kaɗai yake da sarari, bayan azahar zai iya zuwa ya ɗauko yarinya guda da sunan ta zo ta taya kaka aikin walima. Wannan ba mai zargi.

Talatu ta shimfiɗa atamfar ta auna da hannu. Riguna biyar za su fita, amma da ƙyar, ko ɗankwali ba zai rage ba. Ta ce to a kawo mata ta tsakiya. Idan ta auna ta tsakiya, biyun da suka fi ta sai ta ƙara musu, biyun da ba su kai ta ba ta rage musu, abin da ta rage a nan shi zai cike can. Kowace riga ta bar mata kalmasa mai faɗi a ƙasa, ranar sai a saki ko a ɗage. Idan da babbar ta fara yadi ba zai kai ba, idan kuma da ƙaramar ta fara, hasashen zai yi nisa.

Hajiya ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta gyara zama. Ba ta riƙe shekarar haihuwar kowa ba, amma tana riƙe da abin da ya faru. Munira tana tafiya da ƙafarta aka haifi Sa'adiyya. Ranar da aka yaye Sa'adiyya aka zo da albishir ɗin Zaituna. Zanin goyon Zaituna shi aka wanke aka aika wa uwar Hassana. Ranar sunan Afra'u kuwa Hassana tana rarrafe, har ta kifar da kwanon cincin.

Talatu ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan keke, ta ware guda biyar, ta ba kowanne sunan yarinya. Ta jera su tana bin maganar: Munira, Sa'adiyya, Zaituna, Hassana, Afra'u. Biyu a sama, biyu a ƙasa, Zaituna a tsaka. Aka kira Idirisu a waya aka ce Garki zai nufa. Ya ce to, bari ya yi salla ya sha mai.

Shi ke nan an gama, Talatu ta kawo wa baƙuwa kunun tsamiya. Hajiya tana kurɓa tana dariya ita kaɗai, ta ce gara ma da Zaitunar ce, ba za ta cika wa Idirisu mota ba, 'yar firit da ita kamar tsinken tsire, ko Afra'u da take ƙaramarsu ta wuce ta.

Hannun Talatu ya tsaya a kan ludayi. Sai ta ga Rakiya a idonta, kwance a ƙofar gidan miji. Ramin da ta faɗa shekarun baya shi ne ta sake tsayawa a bakinsa, da ƙafa ɗaya a ciki. Wannan karon ma ya fi muni. Riga idan ta yi tsawo a ɗage ta, amma idan aka ɗauki guntuwa a matsayin ta tsakiya, duk rigunan za su tashi a ɗangale, kuma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

"Hajiya, mun jera su a haihuwa. Riga ba ta san wanda ya riga zuwa duniya ba."

"To ni na san tsawonsu ne? Rabon da in gan su su biyar a tsaye wuri ɗaya tun suna yawo ba ɗankwali."

"Ba sai su biyar ba. Bibbiyu ma ya isa. Wa kika gani kusa da wa?"

Ta share maɓallan gefe ta sake sabon layi. Hajiya ta lumshe ido tana laluben ƙwaƙwalwa, kuma tsohuwa idan ta shiga laluben nan ba hanya ɗaya take bi ba, sai ta biya ta gidan wanda ya rasu da wadda ta yi yaji. Talatu ta haƙura tana tsintar abin da take so. Da ƙaramar Salla Sa'adiyya da Hassana sun yi salla a gefen Hajiya, kan Sa'adiyya ya ɗara. Maɓallin Sa'adiyya ya hau saman na Hassana. Munira kuma ta fi Zaituna, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Sai Hajiya ta ce Munira ta fi Hassana, can kuma da labari ya yi nisa ta ce Hassana ta fi Munira.

Talatu ta ce duka biyun ba za su zauna a layi ɗaya ba, wanne ne na baya-bayan nan. Hajiya ta yi tunani ta ce na farkon tun Malam yana da rai ne. Na biyun kuwa a wani suna ne bayan babbar Salla, inda aka tsayar da su baya da baya ana tsokana, Munira ta ƙi cin abinci don ƙanwar bayanta ta tsere mata. Talatu ta watsar da tsohon zance ta riƙe sabo, tunda yara ba sa jiran kowa.

Layi ya tashi da mutum huɗu: Sa'adiyya, Hassana, Munira, Zaituna. Zaitunar da aka tura mota ɗaukowa ita ce a can ƙasa. Saura maɓallin Afra'u a hannun Talatu, ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Hajiya ta ce ai ta faɗa, Afra'u ta fi Zaituna. Talatu ta ce wannan bai raba gardama ba, kowa ma ya fi Zaituna. Ta ɗora maɓallin tsakanin Munira da Zaituna, ta ce idan nan take, Munira ce ta tsakiya. Ta matsar da shi tsakanin Hassana da Munira, ta ce idan nan ne, ita Afra'un ce da kanta. Ta kai shi saman Hassana, ta ce idan kuma nan ne, Hassana ce. Hadejia, Gwaram, Birnin Kudu, gari uku, mota ɗaya. A daidai lokacin aka kira azahar a masallacin unguwa.

Hajiya ta fara gajiya. Ta ce a bar shi kawai ya ɗauko Munira, ita ce babba, ta fi hankali, ko ba komai ta yi mata wanke-wanke. Talatu ta ji kunyar musa wa tsohuwa, ga shi kuma ba kullum ake kawo mata turmi biyu ba, kada ta ja zance har a naɗe atamfar a fita da ita. Ta dubi ƙunshin, ta dubi maɓallin. Sai ta ce, cikin ladabi, ita dai ba za ta sa almakashi a kayan Malam da ƙila-wa-ƙala ba, ta taɓa yi sau ɗaya, har yau da sunan take yawo.

Suka yi salla. Bayan sallama Talatu ta canja tambaya. Ta daina cewa wa ya fi wa, ta ce ko Afra'u ta taɓa sa kayan wata a cikinsu.

Hajiya ta tafa hannu. Ai kuwa da damunar nan da ta wuce, Afra'u ta zo hutu ta tarar da Hassana a Yalwawa, ruwa ya yi mata duka a hanyar aike, aka ba ta doguwar rigar Hassana, wadda ke rufe wa Hassana ƙafa. A jikin Afra'u ko idon sawu ba ta kai ba, ta fito kamar zalɓe a bakin gulbi, Idirisu ya yi ta kiranta mai jiran ambaliya.

Talatu ta ajiye maɓallin a saman na Hassana. Hajiya ta leƙo ta ce to tsakanin Afra'u da Sa'adiyya fa, ita ba ta taɓa ganinsu tare ba. Talatu ta ce wannan su ya dama. Ko wacce ce a gaba, su biyu ne suka fi Hassana, Hassana kuma ta fi biyu, Munira da Zaituna. Ba sai an san na ɗaya ba kafin a san na uku.

Aka buga wa Idirisu. Yana gidan mai, har ya sayi rake na hanya. Da aka ce Birnin Kudu zai juya, ya tambaya ko da safe Zaituna ce ta tsakiya, da rana kuma ta sauka daga muƙami. Hajiya ta ce ya rufe mata baki ya kama hanya.

Kafin magariba ga Hassana, yarinya mai yawan tambaya. Talatu ta auna ta sau biyu, ta sake na uku don Rakiya. Aka sa ta rantse ba za ta faɗa wa uwarta a waya ba, aka toshe bakin da alawar madara. Washegari Talatu ta shimfiɗa atamfar a tabarma, ta zana da alli, ta daɗe a durƙushe almakashi yana hannunta. Mijinta da ya shigo ɗaukar sifana ya tsaya ya dube ta, ya ce, "Yanka mana. Injin da aka ƙi buɗewa ba ya gyaruwa." Ta yi bisimilla ta yanka.

Kwanakin nan duk wanda ya kawo faci an ce masa ya dawo. Labule a sake, keke yana kuka tun safe. Matan unguwa suka rasa abin da ake ciki, wata ta ce ƙila Share-Titi ta samu kwangilar ɗinkin buhu ne.

Ranar walima aka kai rigunan Yalwawa da sassafe, Talatu tana biye da allura a bakin hijabi da zare a jaka. Surukai suka ga atamfar Malam ta zama riguna, kowacce ta buɗe baki, ta ga ba abin da za a iya yi, ta rufe. Ta Hassana ta zauna cif. Ta Munira ma haka. Ta Zaituna ta ɗan taɓa ƙasa, Talatu ta durƙusa ta ɗage kalmasa da yatsa biyu, tana cewa yau ba mai share wa kowa titi. Sa'adiyya ta sa tata lafiya. Afra'u kuwa, ƙaramarsu duka, ta shigo sai da kowa ya ɗaga kai, ta ƙara tsawo tun damuna kamar dawar da ta samu taki. Aka saki kalmasarta har ƙarshe, ta kai idon sawu da ƙyar, amma ta kai.

Hajiya Kubura ta yi karatunta a gaban malamai da mata cike da tsakar gida. Da ta kai aya ta ƙarshe ta juya ta dubi yaran nan biyar cikin shuɗi, ta sa gefen mayafi ta goge tabarau, ta daɗe tana gogewa.

Wajen ɗaukar hoto ne rigima ta tashi. Mai hoto ya ce a jeru bisa tsawo, Hassana ta shige tsakiya tana taƙama, Zaituna ta ce ba ta yarda ba, ita ce ta uku a haihuwa, kowa ya sani. Hajiya ta yanke hukunci: a hoto Hassana ce a tsaka, a wajen rabon nama kuma Zaituna. Afra'u ta lissafa ta ga ita ce ta ƙarshe a nama, ta ce tsawon nan bai amfane ta da komai ba.

Mata suka riƙa kama gefen riga suna juya ɗinkin, suna tambayar wane tela ne, na Kano ne ko na nan. Hajiya ta nuna Talatu da baki, ta ƙara da cewa huɗu daga cikin yaran ma telar ba ta taɓa ganinsu ba sai yau. Talatu tana gefe tana cin shinkafa, ta yi kamar ba ta ji ba, amma cokalin ya daɗe a hanya bai isa baki ba.

Sunan dai bai canja ba, Limawa ba ta mayar da abin da ta ba mutum. Amma bayan kwana kaɗan aka yi sallama a ƙofar, wata guntuwar mata ta shigo da goyo da leda a hannu. Rakiya ce, yanzu 'ya'yanta huɗu. Ta zauna, ta sha ruwa, ta zaro sabon leshi ta ajiye a kan keke.

"Na ƙanwata ne, za ta yi suna," ta ce. "Ni na zo a madadinta. Ki auna ni ki ƙara taƙi guda, wannan karon daidai ne."

Talatu ta ɗaga leshin ta duba, ta ninke shi, ta ajiye a gefenta inda ba mai ɗauka.

"Je ki turo min ita da ƙafarta," ta ce.